Kiyaroskuro: Yadda Haske da Inuwa Ke Jagorantar Ido a Zanen Caravaggio

Kalmar kiyaroskuro daga harshen Italiyanci ta fito, kuma haɗin kalmomi biyu ce: kiyaro, wato mai haske, da skuro, wato mai duhu. Masu zanen fenti na Turai suna amfani da ita wajen bayyana dabarar jera haske da inuwa a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle, har abin da aka zana ya fito da kauri da tudu kamar a kai hannu a taɓa. Dabarar ta girmi ƙarni na 17, domin Leonardo da Vinci ya yi aiki da ita shekaru ɗari kafin nan. Abin da ya sauya wajen shekarar 1600 shi ne an tsananta ta: aka bar duhu ya cinye yawancin zane, aka taƙaita haske ga 'yan wurare. Wanda ya jawo wannan sauyi shi ne Michelangelo Merisi, da aka fi sani da Caravaggio, wanda ya rayu daga 1571 zuwa 1610.

Kafin mu shiga zanensa, ya kamata mai karatu ya san halin idonsa. Miƙa hannunka gaba ka dubi farcen babban yatsanka. Abin da ido ke gani tangaran a lokaci guda bai wuce faɗin wannan farce da yawa ba, wato kimanin digiri biyu. Duk abin da ke kewaye dishi-dishi yake. Saboda haka ido ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake yi daga nan zuwa can, sau uku ko huɗu a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa gutsattsarin ta mayar da su hoto guda. Gefen ido ba ya rarrabe ƙananan siffofi, amma yana da saurin gane inda haske ya yi karo da duhu, kuma sau da yawa can yake aika tsalle na gaba. Masanin Rasha Alfred Yarbus, wanda ya auna motsin idon masu kallon hotuna a tsakiyar ƙarni na 20, ya nuna cewa ido yana yawan komawa ga fuskokin mutane. To, mai zanen da ya haska fuska ya duhunta kewayenta ya ɗana wa ido tarko biyu a wuri ɗaya.

Akwai kuma wata matsala da mai fenti ba shi da mafita daga gare ta sai duhu. Fenti ba ya ba da haske, mayar da hasken da ya sauka a kansa kawai yake yi. Farin da ya fi kowane fari a zamanin, wato farar dalma, bai fi baƙin da ya fi kowane baƙi haske ba sai da kamar ninki ashirin ko talatin. Amma a zahiri, bangon da rana ta bugi kansa yana iya fin lungun ɗaki haske ninki dubbai. Ta yaya za a zana hasken rana da wannan ɗan taƙaitaccen ma'auni? Amsar ita ce ido ba ya auna haske shi kaɗai, kwatanta shi yake yi da abin da ke maƙwabtaka da shi. Ɗalibi na iya gwada wannan: yanka takarda mai ruwan toka gida biyu, ɗora ɗaya a kan farin yadi, ɗaya a kan baƙi. Ta kan baƙin za ta fi haske a ido, alhali takarda ɗaya ce. Mai zane ba zai iya ƙara wa farinsa fari ba, sai dai ya ƙara wa kewayensa duhu.

Yanzu sai zanen kansa. A 1599 aka ba Caravaggio aikin zana hotuna biyu don wani ɗan ɗakin ibada da ake kira Contarelli, a cikin majami'ar San Luigi dei Francesi ta birnin Rum, ya kuma gama su a 1600. Ɗayansu shi ne Kiran Matiyu, wanda har yau yana wurin. Tsayinsa santimita 322, faɗinsa 340. Labarin daga Linjilar Kiristoci yake: Yesu ya iske wani mai karɓar haraji a bakin aikinsa, ya kira shi ya bi shi. A ɓangaren hagu na zanen mutum biyar suna kewaye da tebur, da kuɗi a zube a kai, sanye da tufafin zamanin mai zanen. Samari biyu daga ciki suna da huluna masu gashin tsuntsu. A dama mutum biyu ne a tsaye babu takalmi, Yesu da almajirinsa Bitrus. Sama da kawunansu babu komai sai bango da taga guda.

Abin lura na farko shi ne wannan taga ba ta ba da haske ko kaɗan. Hasken daga wani wuri yake shigowa da ba mu gani, can sama ta dama, ya tsaga bangon a karkace ya gangaro hagu. Iyakar da ke tsakanin hasken da inuwar a jikin bango ta zama kamar layin da aka ja da ma'auni. A ƙarƙashin wannan layi hannun Yesu yake a miƙe, an haska bayansa da yatsunsa a kan duhu, yana nuni ta inda hasken ya nufa. Hannun Bitrus yana maimaita nunin daga ƙasa. Ido ya bi su ya tsallaka gurbin duhu da ke raba mutanen biyu da teburin, ya sauka a fuskar saurayin da ke kallon baƙin, wadda haske ya cika. Daga nan ya wuce ga mai gemun da ke tsakiya, wanda ya ɗaga yatsa kamar yana tambaya ko da shi ake. A ƙarshen tafiya akwai tsoho mai tabarau da wani saurayi da ya sunkuya yana ƙirga kuɗi. Su biyun ba su ɗago ba, kuma fuskar saurayin tana cikin inuwa.

Wanda ya yi kiran, wanda shi ne mafi daraja a labarin, kusan a ɓoye yake. Jikin Bitrus ya tare yawancin jikinsa (hoton da aka ɗauka da na'urar haska ƙashi ya nuna daga baya aka ƙara Bitrus), kuma haske bai taɓa fuskarsa ba sai a kunci da wuya. Mai zanen da bai ƙware ba da a tsakiya zai ajiye shi ya lulluɓe shi da fari. Caravaggio ya bar mai kallo ya fara cin karo da fuskokin da suka firgita, sannan ya juya ya bi kallonsu baya ya nemo abin da ya firgita su. A ganina nan ne gwanintar take.

Duk da haka haske bai raba gardama ba. Yawancin masana suna ɗaukar mai gemun ne Matiyu, yana nuna ƙirjinsa. Amma tun daga shekarun 1980 wasu suka ce yatsan nasa ya wuce ƙirji, saurayin da ya sunkuya yake nunawa, kuma an zana lokacin da kiran bai kai ga shiga kunnensa ba. Haske yana iya kai ido wuri, ba lalle ya faɗa masa ma'anar abin da ya tarar ba.

Dalilin da ya sa hasken ya fito daga dama yana cikin ginin. Zanen yana bangon hagu na ɗakin, tagar ɗakin ta gaskiya kuma tana sama da bagadi, wato ta hannun daman wanda ya fuskanci zanen. Abokinsa da ke bangon dama, Kisan Matiyu, daga hagu aka haska shi. Ashe hasken fenti da na taga hanya ɗaya suke bi. Wanda ya ga hoton a littafi ya rasa wannan.

Game da yadda yake aiki, likita Giulio Mancini, wanda ya san shi, ya rubuta cewa salonsa shi ne haske guda daga sama, kamar a ɗaki mai taga ɗaya da baƙaƙen bangaye. Amfanin baƙin bango shi ne hana haske dawowa ya cike inuwa. Malami na iya nuna wannan a aji da ƙwai da tocila: a rufe tagogi, a haska ƙwan daga gefe, za a ga wuri mafi haske, sai matsakaici, sai inuwar jikin ƙwan, sai wadda ya yi a kan tebur. A kawo farar takarda kusa da ɓangaren inuwar, nan take za ta yi laushi. Wannan takarda ce Caravaggio ya cire. Yakan fara shafe ƙyallen da fenti mai duhu, ruwan ƙasa mai ja-ja, ya yi 'yan zage-zage a jikinsa tun yana ɗanye don ya tsayar da matsayin kai ko hannu, sannan ya ɗora haske. A wurare da dama wannan shafen farko ne ya bari ya zama inuwa.

Sai dai ba duk duhun da ke tsohon zane ne mai zanen ya nufa ba. Fentin mai yana ƙara zama garai-garai da tsufa, sai baƙin shafen ƙasa ya riƙa lekowa ya haɗiye matsakaitan launuka, inuwa ta koma baƙi ƙirin babu komai a ciki. Man sheƙin da ake shafawa a kan zane don kariya, wanda daga ƙaron itace ake yin sa, shi ma yakan yi ruwan ɗorawa ya dushe. Babban misali shi ne zanen Rembrandt na 1642 da ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, na rundunar 'yan sa-kai ta kyaftin Frans Banninck Cocq. Duhun da ya taru a kansa na cikin abin da ya sa a ƙarshen ƙarni na 18 aka laƙaba masa suna Sintirin Dare. Da aka wanke shi a 1946 zuwa 1947, sai ta tabbata ba dare aka zana ba, ko da yake Rembrandt da kansa ya ba inuwa fili mai yawa. Shaidar tana jikin zanen: inuwar hannun kyaftin ta faɗa sarai a kan rigar mataimakinsa mai ruwan ɗorawa, abin da ke nuna haske mai ƙarfi daga sama ta hagu.

Masu gyaran zane suna bambance duhun nufi da duhun tsufa ta hanyar duban farare da shuɗaye. Tsohon man sheƙi ba ya zaɓe, yana rufe ko'ina daidai wa daida, don haka farar kwala takan koma kalar zuma, shuɗi ya karkata zuwa kore. Idan kuma aka haska zanen da fitilar da haskenta ya zarce ruwan algashi da shuɗi zuwa inda ido ba ya gani, tsohon ƙaron yakan yi ƙyalli kore-kore, wuraren da aka yi wa faci daga baya su fito kamar baƙaƙen tabo. A 2024 gidan tarihin ya sake fara cire man sheƙin Sintirin Dare, a cikin ɗakin gilashi, a gaban masu ziyara.