Kafin Ka Miƙa Takarda: Shin Tirelar Shanu Za Ta Iya Tsayawa Haka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar shanu ta Mubi ya ga yadda tireloli ke fita maƙare da dabbobi, su kama hanyar Hong da Gombi zuwa Yola, daga can su nausa kudu. Ya kuma san cewa irin wannan mota ba ta tsayawa cak kamar keke. Direba na taka birki tun daga nesa, motar na ja, tana huci, kafin ta tsaya. Wannan sanin na bakin titi yana iya ceto ɗalibi a jarrabawar fiziks, amma yawancin ɗalibai a ƙofar zauren jarrabawa suke ajiye shi, su shiga da kalkuleta kaɗai.

Ga misali irin wanda ake yawan gani a WAEC da NECO da JAMB. Mota tana gudun kilomita 72 a awa ɗaya, direba ya taka birki, ta tsaya bayan ta ci mita 50. A nemo yawan raguwar gudunta. Ɗalibi ya tuna ƙa'idar daidai:

v² = u² + 2as

Tun da motar ta tsaya, v sifili ne, don haka girman a shi ne u² a raba da 2s. Sai ya ɗauki 72 ya ninka da kansa, ya samu 5,184, ya raba da 100, kalkuleta ta ba shi 51.84. Ya rubuta m/s² a gefe, ya ja layi biyu a ƙasa, ya wuce. Ƙa'idarsa daidai ce, ninkawarsa da rabawarsa ba kuskure, amma amsar ba daidai ba ce.

Da ya dakata ya tambayi kansa ko wannan adadi mai yiwuwa ne, da ya gane. Dutsen da aka sako daga saman bene gudunsa na ƙaruwa da kusan 10 m/s² ne, wato abin da littattafai ke kira g. Mota kuwa tayoyinta ne ke riƙe ta a kan kwalta, kuma ƙaramar mota mai sababbin tayoyi a busasshiyar kwalta da ƙyar raguwar gudunta take wuce g ɗin nan idan an danna birki har ƙasa. Tirela mai kaya ba ta ma kai haka. To ina 52, wanda ya ninka g sau biyar? Da mota za ta tsaya haka, da shanun da ke baya sun taru a kan direba. Amsar da ta fi kama da karo da bango ba ta taka birki ba ce.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne an haɗa kilomita da mita, an haɗa awa da sakan, a cikin lissafi ɗaya. Kilomita 72 mita 72,000 ne, awa ɗaya kuma sakan 3,600, saboda haka gudun motar mita 20 ne a kowane sakan. A gajarce, a raba da 3.6. Yanzu 20 sau 20 ya ba da 400, a raba da 100, amsa 4 m/s². Wannan ya yi daidai da birki mai ƙarfi amma na hankali. A lura da yadda kuskuren ya kumbura: mantuwar ninki 3.6 ce, amma da yake ana ninka gudun da kansa, sai ta zama kusan ninki 13.

Hanyar kauce wa wannan tun farko ita ce a riƙa rubuta ma'auni tare da kowane adadi, a bi da shi cikin lissafin kamar yadda ake bi da x da y. Idan aka ninka m/s da kansa za a samu m²/s², a raba da m, sai m/s² ya rage, wanda shi ne ake nema. Wanda ya rubuta km/h a sama da m a ƙasa zai ga da idonsa cewa sun ƙi soke juna. A ganina malaman da ke barin yara su rubuta tsurar lamba har sai layin ƙarshe sannan su liƙa ma'auni, su ne ke shuka wannan matsala. Ai ko a kasuwa, wanda ya ce maka masara dubu uku, dole ka tambaye shi mudu ne ko tiya.

Bin ma'auni yana da wani amfanin, shi ne tuna ƙa'idar da ta rikice a ka. Ɗalibi yana gwajin lilo, wato ɗan ƙarfe da aka rataya a zare, ya manta ko lokacin kai da komo shi ne 2π√(l/g) ko 2π√(g/l). Ba sai ya yi canke ba. Tsawon zare l da mita ake auna shi, g kuma da m/s². Idan aka raba na farko da na biyu, s² ne zai rage, tushensa kuma sakan, wato lokaci. Ɗaya ƙa'idar kuwa ɗaya bisa sakan take bayarwa, wanda ba lokaci ba ne. An gama.

Sai dai wannan bincike yana da iyaka, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibai. Ma'auni ba ya ganin tsurar lamba. Wanda ya manta 2π, ko ya yar da ½ daga ½mv², ma'auninsa zai fito tsaf alhali amsar ta kauce. Nan ne auna girman amsa ke shigowa, shi ma kuma yana aiki ne idan mutum na da 'yan adadi a ka da zai gwada da su: lilo mai zaren mita ɗaya kusan sakan 2 yake ɗauka ya je ya dawo, lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce, mai tafiya a ƙafa bai cika wuce mita ɗaya da rabi a sakan ba, sauti na gudun kusan mita 340 a sakan cikin iska. Ko da haka, kuskuren ninki biyu kan iya kuɓucewa. Na ninki goma ko dubu ne ba ya ɓuya. Wanda ya lissafa lokacin da hita mai kilowat 1.5 za ta tafasa ruwa lita 2 daga digiri 30, ya manta ya mayar da kilowat zuwa wat, zai samu sakan 392,000, fiye da kwana huɗu ke nan ana jiran shayi. Amsar gaskiya sakan 392 ce, minti shida da rabi.

Kada a ɗauka wannan tuntuɓen yara ne kawai. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam na Amurka, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsa a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne kacal, amma ya isa ya sa kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima ya salwanta.

Ƙorafin da ɗalibai ke yi shi ne lokaci, kuma suna da hujja. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, sakan 40 ke nan ga kowace. Amma a nan ne ma binciken ya fi amfani, domin masu tsara tambayoyin zaɓi sukan saka amsar mai mantuwa a cikin jerin. Ganin 51.84 a gaban B ba shaida ba ce cewa an dace. Kallon zaɓin da idon wanda ya san mota kuwa zai iya kawar da biyu daga ciki kafin a taɓa kalkuleta.

Malaman fiziks na makarantun sakandare a Mubi, da masu koyar da 'yan shekarar farko a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, don Allah ku ware maki ɗaya a kowane aikin aji ga jimlar da ɗalibi zai rubuta ƙarƙashin amsarsa, yana faɗin da me ya gwada ta har ya yarda da ita.