Digirin digirgir ko aikin bincike a kamfani: abin da ya kamata ku sani

Wanda ya gama digiri na biyu a fannin kimiyya yakan sha shawara iri biyu. Wasu su ce ya zarce digirin digirgir ya zama malamin jami'a, wasu su ce ya nemi kamfani tun ƙarfinsa na nan. Yawanci gardamar a kan albashi take tsayawa, alhali akwai tambayar da ta riga ta: wane ne zai zaɓa maka abin da za ka bincika, kuma sakamakon na wane ne? A jami'a kai ke zaɓar matsalar, kai ke fafutukar neman kuɗin aikin, sunanka ke fitowa a mujalla. A kamfani kasuwa ke zaɓa, kamfani ke biya, shi ke da sakamakon.

A ce ga matashi ɗan Ƙofar Durbi a birnin Katsina, mai shekara 28, ya yi digiri na biyu a kan inganta irin shuka. Bari mu bi hanyoyin biyu da shi.

Hanyar jami'a

Idan ya samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da digiri na biyu zai fara ne a matsayin mataimakin lakcara. Gaba da shi akwai lakcara mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A bisa al'ada ana yin aƙalla shekara uku a kowane mataki, kuma ba a hawa sai da maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Ba tare da digirin digirgir ba, a ƙa'ida tafiyar takan tsaya kafin matakin babban lakcara. Ke nan ga mai son koyarwa wannan digiri dole ne.

A takarda, mafi ƙarancin lokacinsa shekara uku ne ga wanda ba ya haɗa shi da wani aiki. A gona lissafin daban ne. Damina ɗaya ce a Katsina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma gwajin iri yana buƙatar aƙalla damina biyu kafin a yarda da sakamakonsa. Idan kuɗin taki da na leburori suka makara har Agusta, ko aka yi fari a tsakiyar damina, shekara guda ta tafi, sai dai in akwai filin noman rani. Ga kuma yajin aiki: na ASUU a 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai hankali sai ya ƙiyasta shekara huɗu zuwa biyar. Matashinmu zai zama dakta yana da shekara 32 ko 33, kuma ko komai ya tafi daidai, farfesa sai ya haura arba'in. Ribar haƙurin ita ce aiki mai ɗorewa, domin farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya.

Batun kuɗi yana da sarƙaƙiya. Tallafin karatu na asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, makarantarsu ke miƙa sunayensu, kuma sukan sa hannu cewa za su dawo su yi mata aiki. Don haka samun aikin koyarwa kafin fara digirin ya fi sauƙi a aljihu. Wanda ba shi da gurbi sai ya duba cibiyoyin da kan samu tallafi daga waje, irin su Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, ko cibiyar WACCI ta Jami'ar Ghana, wadda ke horar da masu inganta iri tun 2007.

Hanyar kamfani

A Arewa akwai kamfanonin iri, kamar Premier Seed da Value Seeds a Zariya da Maslaha Seeds a Gusau. Amma a san wani abu: yawancin sababbin irin da manomanmu ke shukawa daga cibiyoyin bincike suke fitowa, kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai masarar SAMMAZ da dawar SAMSORG da gyaɗar SAMNUT, da kuma IITA da ICRISAT. Kamfanoni da dama karɓar irin tushe suke yi su yawaita shi, Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta tantance, su zuba a buhu su sayar.

Saboda haka aikin matashinmu na yau da gobe zai iya zama gwajin tsiro: ya ƙirga ƙwaya 400 ya kasa su ɗari-ɗari, bayan kwana bakwai ya ga masara nawa ta fito lafiya. Zai zagaya gonakin manoman da ke noma wa kamfani iri, ya tabbata an cire bunun layukan uwa kafin ya zubar da gari, domin masarar aure ba ta yin kyau idan uwa ta yi wa kanta barbara. Aiki ne mai amfani, sakamakonsa kuma a damina guda ake gani, ga albashi tun watan farko. Sai dai tabbatar da inganci ne, ba ƙirƙirar sabon iri ba. Inda kamfani ke ƙirƙirar nasa, iyayen irin sirrin ciniki ne, kuma ba lallai a bar shi ya buga abin da ya gano ba.

Yadda za a gane tun kafin a shiga

Kafin ka karɓi gurbin karatu, bincika malamin da zai duba aikinka fiye da sunan jami'ar. Ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, cikin shekara nawa? Yana da tallafin binciken da zai ɗauki nauyin gonar gwaji, ko daga aljihunka za a yi? Ɗalibansa na yanzu za ka tambaya, su suka san kwanan zancen. Idan babi ɗaya kan yi wata shida a teburinsa, ka ga alama.

A kamfani kuwa ka tambaya: akwai masanin inganta iri na dindindin? Akwai gonar gwaji? Akwai irin da kamfanin ya taɓa fitarwa da sunansa? Za a yarda ka buga maƙala, ko ka yi karatu kana aiki? Idan amsoshin duk a'a ne, ko da an rubuta bincike a takardar ɗaukar aiki, duba inganci za ka yi.

Komawa daga wannan zuwa wancan

Ƙofofin biyu faɗinsu ba ɗaya ba ne. Dakta mai maƙalu yana iya komawa kamfani ko cibiyar bincike, har ya jagoranci sashe. Wanda ya yi shekara goma a kamfani ba digirin digirgir ba maƙala, idan ya dawo jami'a daga ƙasa zai faro, domin kwamitin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa.

Ga matashin Ƙofar Durbi, lissafin ya fito. Idan burinsa ya ƙirƙiri iri da kansa ko ya koyar, ya nemi gurbin koyarwa ko tallafi, sannan ya shiga digirin. Idan bai samu ko ɗaya ba, kada ya ci bashi don karatu. Ya shiga kamfani na shekara biyu ko uku, ya nemi izini a rubuce na amfani da bayanan gwajin da ba sirri ba, ya buga ko da maƙala biyu. Da wannan, duk ranar da tallafi ya samu, yana da takardun nunawa da kuma matsalar gona ta gaskiya da zai bincika.