Kalmomin Sanarwa na Ingilishi a Filin Jirgin Sama

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da keɓantattun kalmominta, waɗanda ma'anarsu kan sha bamban da wadda aka saba da ita a zancen yau da kullum. Haka abin yake a harkar sufurin jiragen sama. A filayen jirage na ƙasa da ƙasa, akan yi sanarwa da Ingilishi tare da harshen ƙasar da filin yake. Mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba yana iya jin Ingilishi daidai gwargwado, amma sanarwar ta wuce shi, domin ana yin ta da sauri cikin hayaniyar jama'a. Wannan darasi zai yi bayanin jimloli uku da rashin fahimtarsu kan sa jirgi ya tashi ya bar fasinja. An kawo su yadda ake ganin su a rubuce a allunan filin jirgi.

2.0 Abin da Ake Saurare a Cikin Sanarwa

Ba lalle ba ne fasinja ya fahimci kowace kalma da ta fito daga lasifika. Kusan kowace sanarwa tana ɗauke da abubuwa huɗu: lambar jirgi, da garin da za shi, da abin da ake so fasinja ya yi, da lambar ƙofa. Lambar jirgin ce mabuɗi, domin jirage biyu suna iya nufar gari ɗaya a dare ɗaya. Tana rubuce a katin shiga jirgi, haruffa biyu na kamfani a gaba, alƙaluma a baya. Sau da yawa akan karanta alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, wato 614 ya zama shida, ɗaya, huɗu. Wanda ya haddace lambar jirginsa da Ingilishi ta wannan hanya zai tsinto sanarwarsa daga cikin gomman da ba su shafe shi ba.

A ɗauki misalin wani malamin makaranta da zai tafi Umara daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, amma sai ya sauka a Adis Ababa ya sake jirgi kafin ya isa Jidda. A ƙaddara cewa lambar jirginsa na biyu 614 ce, ƙofarsa ta 15, lokacin fara shiga 22:50, lokacin tashi kuma 23:30.

3.0 Connecting Flight

Wannan na nufin jirgi na biyu da fasinja zai shiga a wani zango don ƙarasa tafiyarsa. Da malamin ya sauka a Adis Ababa, zai ga alamu iri biyu. Wasu an rubuta Connecting Flights ko Transfer, wasu kuma Baggage Claim da Exit. Na farkon ne nasa. Na biyun na waɗanda tafiyarsu ta ƙare a garin ne. Idan ya bi ayari ba tare da duba alama ba, yana iya tsintar kansa a layin jami'an shige da fice, ana tambayarsa bizar ƙasar da ba ita ya nufa ba.

Abin da kan ja sabon matafiyi zuwa wancan layi shi ne tunanin kayansa. Idan tikiti ɗaya ya haɗa zangunan biyu, galibi kamfanin ne ke mayar da kayan cikin jirgi na biyu. Ana tabbatar da haka tun daga Kano, ta duba 'yar takardar da aka ba shi bayan auna kaya. Idan ta nuna JED, wato alamar Jidda, can zai karɓi jakarsa. Idan a ADD ta tsaya, to a Adis Ababa za a sauke ta, sai ya nemi bayani tun kafin ya bar gida.

Akwai kuma batun agogo. Lokutan da ke kan kati na garin da jirgin zai tashi ne, kuma Habasha tana gaban Nijeriya da sa'a biyu. Lokacin da agogon filin ya nuna 22:50, agogon hannun malamin zai nuna ƙarfe tara saura minti goma na dare, muddin bai gyara shi ba. Zai zauna da kwanciyar hankali yana zaton da sauran sa'a biyu, alhali an fara shiga.

4.0 Gate Change

A nan kalmar gate ba ƙofar shiga filin take nufi ba. Tana nufin wurin jira mai lamba, inda ake duba kati da fasfo kafin a wuce zuwa jirgi. Lambar da ke kan katin malamin an buga ta ne a Kano sa'o'i da dama da suka wuce, don haka tana iya sauyawa idan wani jirgi ya makara bai bar wurin ba. Idan hakan ta faru, sai a sanar cewa jirgi mai lamba 614 zai kwashi fasinjojinsa daga wata ƙofa dabam.

Kunne kaɗai ba abin dogaro ba ne a nan, domin furucin 15 da 50 ko 13 da 30 yana kama da juna a Ingilishi, balle ta lasifika. Abin yi shi ne a nemi babban allon da aka rubuta Departures, a bi layin lambar jirgi har zuwa lambar ƙofa. Alamar da ke nuna cewa mutum yana zaune a wurin da ba nasa ba a fili take: lokacin shiga ya gabato, amma ƙaramin allon da ke saman ƙofar yana nuna wani gari, ko kuwa abokan tafiya sun watse.

5.0 Final Boarding Call

Kiran fasinjoji yana tafiya ne daki-daki. Allo kan fara nuna Go to Gate, wato a nufi ƙofa. Sai Boarding, wato an fara shiga. Daga nan sai Final Call ko Last Call, wato kira na ƙarshe. Bayansa sai Gate Closed, ƙofa ta rufu ke nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lokacin tashi a matsayin lokacin zuwa. Kamfanoni da yawa suna rufe ƙofa kimanin minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Ke nan jirgin 23:30 yana iya rufe ƙofarsa da 23:10. Idan malamin ya ji kira na ƙarshe yana masallaci ko kanti, 'yan mintoci ne suka rage masa. Idan har ya ji an ambaci sunansa, shi kaɗai ko su kaɗan ake jira. Wanda bai zo ba akan sauke jakarsa saboda dalilin tsaro, jirgi ya tashi. Idan makarar jirgin farko ce ta jawo, kuma tikitin ɗaya ne, kamfani kan nema masa wani jirgin. Idan sakacinsa ne, yawanci shi zai biya kuɗin sauyi da na masauki.

6.0 Kammalawa

An ga cewa fassarar kalma da kalma ba ta wadatar da mai son bayyana waɗannan jimloli da Hausa. Kowacce umarni ce a fakaice: ta farko tana cewa a bi hanyar masu sauya jirgi, ta biyu a koma wata ƙofa, ta uku a tashi yanzu. Malamin da zai koyar da su sai ya haɗa kowace jimla da aikin da take nema.

Jinga

1. Bambanta lokacin shiga jirgi da lokacin tashinsa.
2. Fassara Gate Closed da Transfer zuwa Hausa ta la'akari da aikin da kowanne yake nema daga fasinja.