Mol: Yadda Ake Ƙirga Abin da Ido Ba Ya Gani

A jikin takardar haɗin gishiri da sukarin da ake bai wa yaro mai gudawa, wanda aka fi sani da ORS, akwai rubutu iri biyu da yawancinmu ba ma tsayawa mu karanta. Na farko nauyin kayan haɗin ne: gulukos giram 13.5, gishiri giram 2.6, da wasu sinadarai biyu. Na biyun kuma, a takardun da suka kawo shi, cewa yake yi sodiyam 75, gulukos ma 75. Mai lura zai tambaya: yaya aka yi sukari ya ninka gishiri fiye da sau biyar a nauyi, sannan aka dawo aka ce sodiyam da gulukos sun yi kunnen doki? Amsar ita ce rubutu na biyu ba nauyi yake faɗa ba, ƙidaya ce. Ma'aunin da ake yin wannan ƙidaya da shi kuwa shi ne mol.

Duk abin da muke taɓawa, ruwa ne ko gishiri ko ƙarfe, tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ake kira atom. Idan atom biyu ko fiye suka manne suka zama abu guda, sai a kira shi molikul. Matsalar masu ilimin sinadarai ita ce waɗannan ƙwayoyi da ƙidaya suke mu'amala da junansu. Ruwa, alal misali, atom biyu ne na haidirojin da atom ɗaya na oksijin, babu ƙari babu ragi. Wanda ke son haɗa sinadarai daidai dole ya san ƙwaya nawa ya zuba, ga shi kuma babu hannun da zai tsince su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke gabansa sikeli ne kawai.

Mai sayar da ƙusa a kasuwa ya san wannan matsala, ya kuma san maganinta. Ba ya ƙirga ƙusa dubu, aunawa yake yi. Amma ya san kilo ɗaya na ƙusa inci biyu ya fi kilo ɗaya na inci huɗu yawan ƙwaya nesa ba kusa ba. Idan kafinta ya ce yana son adadi iri ɗaya na kowacce, dole a auna masa babbar da nauyin da ya fi na ƙaramar. Da zarar an san nauyin ƙusa guda, sikeli ya zama na'urar ƙirga. Dabarar mol ke nan gaba ɗayanta.

Mol ɗaya na kowane abu yana nufin ƙwayoyinsa guda 602,214,076,000,000,000,000,000. A taƙaice ana rubuta shi 6.022 × 10²³. Lamba ce da hankali ba ya iya riƙewa. A ce mutanen duniya biliyan 8, har da jarirai, kowa ya zauna yana ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun shafe kusan shekara miliyan 2.4 kafin su kai ƙarshe. Amma mol ɗaya na ruwa giram 18 ne kacal, ya ɗan ɗara cikin babban cokali. Kurɓa ɗaya ce. Girman lambar ba ya nuna yawan ruwan, ƙanƙantar ƙwayoyinsa yake nunawa.

To me ya sa aka zaɓi wannan lamba mai wuyar faɗa, ba a ɗauki wata mai sifili zalla ba? A nan hikimar take. Kowane atom yana da nauyinsa idan aka gwada shi da sauran: haidirojin 1, kabon 12, oksijin 16, sodiyam 23, kulorin 35.5. Waɗannan lambobi gwadawa ce kawai, ma'ana atom ɗin oksijin ya ninka na haidirojin kusan sau 16. An zaɓi adadin mol ne ta yadda idan ka tara ƙwayoyi masu wannan yawa, nauyinsu a giram zai zo daidai da waccan lamba ta gwadawa. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na sodiyam giram 23. Na ruwa kuwa sai a haɗa 1 da 1 da 16, a sami 18. Na gishiri a haɗa 23 da 35.5, a sami 58.5. Gulukos molikul ne mai ƙiba, atom 24 ne a cikinsa, shi ya sa mol ɗinsa ya kai giram 180. Daga nan lissafin ɗaya ne tak: raba nauyin da ka auna da nauyin mol ɗaya na wannan abu, ka san mol nawa ke hannunka.

Ana kiran lambar da sunan Amedeo Avogadro, masani ɗan birnin Turin na ƙasar Italiya, ko da yake shi bai taɓa saninta ba. Abin da ya faɗa a 1811 shi ne, iska iri biyu da suka cika wuri mai girma ɗaya, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin molikul ɗinsu ɗaya ne. Ya rasu a 1856 ba a kula da maganarsa sosai ba, sai da ɗan ƙasarsu Stanislao Cannizzaro ya farfaɗo da ita a taron Karlsruhe na 1860. Bafaranshe Jean Perrin ne ya auna lambar ta hanyar kallon yadda ƙananan ɓarɓashi ke kai-kawo a cikin ruwa, ya kuma ba da shawara a 1909 a sa mata sunan Avogadro. A 1971 mol ya shiga jerin manyan ma'aunan duniya, a matsayin adadin atom da ke cikin giram 12 na kabon-12. Daga 20 ga Mayu 2019 aka sauya: yanzu lambar ce da kanta aka tsayar, ba a jingina ta da nauyin komai. Bambancin da sauyin ya kawo ƙanƙani ne ƙwarai, sikelin ɗakin gwaji na makaranta ba zai taɓa ganinsa ba.

Mu koma kan takardar ORS mu yi lissafin da kanmu. Gulukos giram 13.5 a raba da 180, ya ba da mol 0.075. Da yake lambar ƙarama ce, ana kasa mol gida dubu a kira kowane kaso milimol, saboda haka gulukos milimol 75 ke nan. Gishiri giram 2.6 a raba da 58.5, ya ba da kusan milimol 44. Saura wajen 30 kafin a kai 75, daga ina za su fito? Daga sinadari na uku, sodiyam sitiret, mai giram 2.9. Mol ɗinsa giram 294 ne, don haka kusan milimol 10 ake da shi, sai dai kowace ƙwayarsa tana ɗauke da sodiyam uku. Uku sau goma talatin. A haɗa da 44, an kusa 75. Wanda ya tsaya a kan nauyi ba zai taɓa ganin wannan daidaito ba.

Kuma ba ado ba ne. Hanjin ɗan Adam yana da wasu ƙofofi da ke shigar da sodiyam tare da gulukos, ruwa kuma ya biyo bayansu, shi ya sa haɗin ke aiki ko a lokacin da gudawa ke zubar da ruwan jiki. Amma akwai sharaɗi. Ruwa yakan karkata zuwa ɓangaren da ƙwayoyin da suka narke suka fi cunkoso, kuma ba ruwansa da nauyinsu, yawansu yake bi. Gishiri idan ya narke rabuwa yake yi gida biyu, sodiyam da kulorayid, don haka kowace ƙwayarsa biyu ake lissafa ta, gulukos kuwa ɗaya yake zama. Idan aka tara komai a lita ɗaya, wato sodiyam 75, kulorayid 65, gulukos 75, fotasiyam 20, sitiret 10, jimilla 245 ce. Na jinin mutum yana kusa da 290. Tsohon haɗin da aka daɗe ana amfani da shi 311 ne, sai a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka koma wannan mai 245, saboda bincike ya nuna yana rage amai da yawan bayan gida.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan uwa, da kyakkyawar niyya, ta zuba takardar da aka yi don lita ɗaya a cikin rabin lita, tana ganin hakan zai fi ƙarfi. Ƙwayoyin ba su ragu ba, ruwan ne ya ragu, sai 245 ta koma 490 a kowace lita. Haɗin ya fi jini cunkoso ke nan, zai iya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji maimakon ya mayar, sodiyam kuma ya yi wa yaron yawa. Wannan abu yana damuna, domin kuskure ne da ƙauna ke jawowa, kuma ana iya kauce masa da karanta layi ɗaya a jikin takarda. Ba duka takardun ne na lita ɗaya ba, saboda haka a duba abin da aka rubuta.

Ɗalibai ma suna da nasu tuntuɓen, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne: a ce "mol ɗaya" ba a faɗi na mene ne ba. Mol ɗaya na atom ɗin oksijin giram 16 ne, amma iskar oksijin da muke shaƙa atom biyu-biyu take tafiya, don haka mol ɗinta giram 32 ne. Haka sukarin shayi ba gulukos ba ne, mol ɗinsa giram 342. Wanda ya raba da lambar da ba ita ba zai sami amsa mai kyan gani a takarda amma kuskure ce, sau da yawa ninki biyu ko rabi. Idan amsa ta fito daidai ninki biyu na abin da ake tsammani, nan ne wurin fara bincike.

Masu ciwon sukari suna haɗuwa da mol kowace safiya, ko sun sani ko ba su sani ba. Wata na'urar gwajin jini tana nuna mg/dL, wato nauyin gulukos, wata kuma mmol/L, wato ƙidayarsa. Jini ɗaya zai iya nuna 126 a wannan, ya nuna 7.0 a waccan. Abin da ke tsakaninsu ninki 18 ne, kuma daga giram 180 ɗin nan na mol ɗin gulukos ya fito. Idan ka sayi sabuwar na'ura, ko ɗan'uwa ya aiko maka da ita daga waje, duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar kafin ka firgita ko ka saki jiki, kuma idan za ka faɗa wa likita sakamakon, faɗa masa lambar tare da ma'auninta.