Ɗinki 600 a mako uku: yadda tela zai ce a'a ba tare da ya rasa mai kaya ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Fagge ko wata unguwa ta Kano cikin watan Agusta ya san irin baƙin da ke shigowa. Masu makarantu ne, suna neman wanda zai ɗinka musu yunifom kafin a koma karatu a watan Satumba. Oda ce babba, irin wadda ƙaramin shago ke jira shekara guda bai gani ba. Ita ce kuma ta fi kowace oda ɓata sunan tela, domin ana karɓarta da murna tun kafin a zauna a yi lissafi.

A ɗauka shago ne mai kekuna huɗu, da maigida, da yara biyu 'yan koyo. Wata Hajiya mai makarantar firamare ta zo tana son riga da wando, ko riga da siket, na ɗalibai 600, kuma saura mako uku a buɗe makaranta. Ta ce za ta ba da rabin kuɗi nan take. Abin da ke fara zuwa zuciyar maigida shi ne kuɗin hayar shago da sabon keken da ya daɗe yana so. Abin da ya kamata ya fara zuwa shi ne takarda da biro.

Ga lissafin. In kowane tela na iya haɗa kaya biyar a rana, kekuna huɗu za su fitar da 20. Mako uku, in an cire ranar hutu ɗaya a kowane mako, kwana 18 ke nan. Ya kama 360. Tun a nan an ga giɓin 240, alhali wannan lissafi ne na ranar da komai ya tafi daidai: wuta ba ta ɗauke ba, janareta bai ƙi tashi ba, ba wanda zazzaɓi ya kwantar a tsakiyar damina, ba a yi rasuwa a unguwa an tafi jana'iza ba. Sannan akwai kayan mutane da ke rataye a shagon tun kafin Hajiya ta shigo, waɗanda an riga an yanka musu rana. In suka cinye kwana huɗu, saura 14, wato kaya 280. Mai hankali zai ƙara rage wani abu saboda abin da ba a rasa ba, ya tsaya a kan 240.

Amma keken ɗinki ba shi ne ke fara cijewa ba, kuma nan ne teloli da yawa ke ruɗin kansu. A mafi yawan ƙananan shaguna mutum ɗaya ne ke yanka, wato maigida, don ba ya yarda wani ya sa almakashi a yadin mutane. In shi ne zai je makarantar ya auna yara, shi zai shiga Kantin Kwari ya sayo yadi, shi zai karɓi baƙi, to hannunsa ne ma'aunin shagon, ba yawan kekuna ba. Ko an ƙaro keke biyar aro, za su zauna jiran yanka. Bayan ɗinki kuma akwai ƙananan ayyukan da ba a sa su a lissafi: wibin, huda ramin maɓalli, ɗaura maɓallin, manna bajon makaranta, guga, da ware kaya aji-aji. Riga 600 mai maɓalli biyar-biyar rami 3,000 ke nan. Wanda ba shi da injin huda sai ya kai wa mai injin, shi ma a wannan watan layi ne a gabansa.

Sai batun yadi. In kowane yaro zai ci yadi biyu da rabi, ana maganar yadi 1,500 mai launi ɗaya. Bandir biyu na iya zama suna ɗaya, lamba ɗaya, amma in ba rini ɗaya suka fito ba sai ka ga shuɗin wannan ya ɗara na wancan. A cikin shago ba a lura. Ranar da yara suka yi layi a filin makaranta cikin rana, kowa zai gani. Telan da ba shi da jarin kwashe yadin gaba ɗaya a rana ɗaya, sai dai ya riƙa saye kaɗan-kaɗan yana jiran cikon kuɗi, ya sani cewa wannan ma gazawa ce, ko da kekunansa sun isa.

To, lissafi ya nuna 240, ana neman 600. Me zai ce wa Hajiya?

A ganina abin da ya fi komai nauyi shi ne lokacin faɗa, ba daɗin baki ba. Abin da Hajiya ba ta da shi da yawa shi ne kwanaki. In aka ce mata a'a yau, tana da mako uku ta nemi wani. In aka ce mata "in sha Allahu za a yi" aka riƙe yadinta kwana goma sha biyu, sannan aka fara ƙin ɗaga waya, an cinye mata abin da ba za a iya biya ba. Kuɗi ana mayarwa, yadi ana mayarwa, amma ranar buɗe makaranta ba ta matsawa. Don haka in tela bai tabbata ba, ya nemi kwana ɗaya kacal na lissafi, ya faɗi sa'ar da zai kira, ya kuma kira a sa'ar. Kada ya karɓi kafin alƙalami kafin nan. Kuɗin da ya shiga aljihu yakan sauya lissafi, sai 240 ta fara kama da 400, kuma Hausawa sun riga sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Maganar kanta ba ta buƙatar tsawo. Zai iya cewa: "Hajiya, ranki ya daɗe, na gode da kika tuna da mu. Na zauna na yi lissafi. Kekuna huɗu gare ni, kuma akwai kayan mutane da na yi wa alkawari. Abin da zan iya miƙa miki da kyau kafin ranar buɗewa 240 ne. In na ce miki 600, zan ba ki kunya a gaban iyayen yara." Lambar nan ita ce ke riƙe amana. "Aiki ya yi mana yawa" magana ce da mai kaya zai iya fassarawa da raini, ko da neman ƙarin farashi. Amma wanda aka nuna wa kekuna huɗu da kwana 14 ya ga dalili da idonsa, ya kuma gane cewa duk ranar da wannan telan ya ce zai iya, to zai iya ɗin.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi ƙin gaskiya muni, wato tsuga farashi don mai kaya ya gudu da kansa. In ya gudu, ya tafi da labarin cewa shagon nan akwai tsada. In kuma ya ce ya amince, tela ya faɗa ramin da ya haƙa, ga aikin da ba zai iya ba, ga kuɗi mai yawa da zai sa a ƙi yi masa uzuri.

Bayan a'a, sai abin da za a iya. Ba duka ɗalibai 600 ne ke cikin matsi ɗaya ba. Sababbin shiga ba su da yunifom ko ɗaya, tsofaffin ɗalibai kuwa suna da na bara da za su lallaɓa da shi mako biyu ko uku. Tela zai iya tambayar Hajiya yawan sababbin. In 200 ne, sai ya ce zai gama nasu kafin buɗewa, sauran kuma ya riƙa kawo 100 duk mako, a rubuta ranakun a takarda kowa ya riƙe kwafi. Sau da yawa mai oda bai taɓa tunanin raba ta haka ba, domin shi jimla yake gani. Sharaɗin dai shi ne a sayi yadin duka tun farko saboda launi. In Hajiya ta ce ita lallai 600 take so a rana ɗaya, hakkinta ne, kuma ba wurin jayayya ba ne.

A nan ne maganar tura ta wurin wani ke shigowa, kuma na san tana da ɗaci. Tela na tsoron in ya nuna mata babban shago mai kekuna ashirin, ta tafi ke nan. Yana iya faruwa. Amma ko bai nuna mata ba za ta samo shi, bambancin kawai shi ne ko za ta tuna da wanda ya taimake ta. Abin kiyayewa shi ne kada ya ambaci sunan wanda bai taɓa ganin ɗinkinsa ba, kuma ya fara kiran mutumin ya ji ko shi ma yana da sarari. Ya kuma fayyace mata: "Na san aikinsa, amma ciniki tsakaninku ne, ki nemi ya ɗinka miki samfur ɗaya ki gani tukuna." In ba haka ba, ranar da wancan ya saɓa, laifin zai biyo wanda ya yi nuni.

Wasu za su ce ai ba sai an ƙi ba, a karɓa a rarraba wa abokan sana'a. Ana yin haka, kuma yana yiwuwa, amma da sharaɗi biyu: mai kaya ta sani, kuma yanka ya fito daga hannu ɗaya, da samfur ɗaya da kowa zai bi. Rarrabawa a ɓoye ita ce ke haifar da kwala iri uku da aljihu a wurare daban-daban. Ranar da Hajiya ta ɗaga riguna biyu ta ga ba su yi kama ba, za ta gane an kai kayanta inda ba ta sani ba, kuma wannan ya fi jinkiri zafi a wurinta. Ga shi kuma maigida ya koma mai zarya tsakanin shaguna biyar, nasa teburin yanka ba kowa.

Kada a manta da mutanen da kayansu ke rataye. Malamin da ke kawo shadda biyu duk wata uku, da mai ɗaurin auren da aka yi wa alkawarin Juma'a, su ne ke biyan hayar shago a watannin da babu yunifom. Babbar oda in ta fi ƙarfin shago, su take fara turewa gefe, kuma ba sa yin faɗa, daina zuwa kawai suke yi. Tela zai gane ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa in ya ga ana kwana a shago tun makon farko, ana warware ɗinki fiye da yadda aka saba, ko ya fara juya wayarsa in wata lamba ta kira.

A misalinmu, a ce Hajiya ta ba shi na sababbin ɗalibai 200, ta kai 400 wani wuri. Aikinsa yanzu shi ne ya miƙa 200 ɗin kwana biyu kafin ranar da ya faɗa, a goge, a ɗaure aji-aji, da 'yan ƙari na kowane awo saboda yaran da za a kawo a makare. Bayan an buɗe makaranta da mako guda ya kira ta ya tambayi ko akwai wanda ke buƙatar gyara. A wannan kiran ne zai ce mata in tana son na baɗi duka daga hannunsa, ta kawo odar tun watan Yuni, don mako goma da kekuna huɗu sun ishi kaya 600 har da ragowar kwanaki.