Waƙar da Tupac Ya Yi wa Mahaifiyarsa

A al'adar yabo, mawaƙi kan rufa wa gwaninsa asiri, balle a ce uwa ce ake wa waƙar. Tupac Shakur, mawaƙin gambara na Amurka, bai bi wannan hanya ba a waƙarsa mai suna "Dear Mama", wadda ta fito a watan Fabrairun 1995. A wuri guda ya faɗi cewa mahaifiyarsa ta taɓa faɗawa shaye-shaye, kuma bai sauke numfashi ba sai da ya ɗora ta a matsayin sarauta.

Matar ita ce Afeni Shakur, 'yar ƙungiyar Black Panther mai fafutukar 'yancin baƙar fata. A 1969 aka kama ta tare da wasu 'yan ƙungiyar bisa zargin shirya kai harin bam a birnin New York. Da tsohon ciki ta tsaya gaban kotu tana kare kanta, aka wanke ta a watan Mayun 1971. Bayan wata guda ta haifi Tupac. Ita kaɗai ta yi ɗawainiyarsa da ƙanwarsa, suna ta ƙaura saboda talauci, daga New York zuwa Baltimore, daga nan zuwa Kaliforniya a 1988. A wannan tsakani ne ta kamu da shan wani nau'in hodar iblis mai arha da ake zuƙa, kafin daga baya ta rabu da shi.

Ƙarfin waƙar yana cikin ƙananan abubuwan da ya zaɓa. Bai tsaya jera siffofin kirki ba. Ya kawo faɗan da suka yi har ta kore shi daga gida yana ɗan shekara 17, ya kawo uban da babu shi, ya kawo mace mai rayuwa da tallafin gwamnati, wadda ke dawowa aiki a gajiye ta haɗa abinci da ɗan abin da ke akwai. Mai sauraro da ya ji an faɗi aibi ba kwana-kwana, sai ya yarda da yabon idan ya zo.

Akwai inda gaskiyar ta yi rauni. Da ya zo kan sayar da ƙwaya da shi kansa ya yi, sai ya sassauta wa kansa, ya fake da cewa kuɗin na taimaka wa gida. Alhali irin wannan hajar ce ta kusa halaka matar da yake yabo.

Waƙar ta kai lamba 9 a jadawalin Billboard yana kurkuku. An harbe shi, ya mutu a 1996 yana da shekara 25. A 2010 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya ta cikin waƙoƙin da ƙasar za ta adana. Afeni tana raye a lokacin, sai a 2016 ta rasu.