Inda Iska Ke Rikicewa a Jikin Ƙofar Ƙarfe

Ƙofar ƙarfe da ta sha rana takan motsa iskar da ke jikinta ko babu fanka. Iskar da ta taɓa ƙarfen sai ta ɗumama, nauyinta ya ragu, ta haura, mai sanyi kuma ta maye gurbinta daga ƙasa. A gindin ƙofar wannan iska siririya ce, tana hawa sumul. Can sama kuwa tana iya hargitsewa ta shiga murɗawa. Kunna turaren tsinke daf da ƙarfen, a wurin da iska ba ta kaɗawa, hayaƙin zai nuna maka duka biyun.

Injiniyoyi suna gane wanne zai faru da lambar Rayleigh, wadda ta ci sunan masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh. Lambar tana auna ƙarfin da ke ɗaga iska mai ɗumi, a gwada shi da abubuwa biyu da ke danne shi: danƙon iskar, da saurin bazuwar zafi a cikinta.

```
Ra = g β ΔT L³ / (ν α)
```

A nan g jan ƙasa ne, ΔT ratar zafi tsakanin ƙarfe da iska, L tsayin ƙofar, ν danƙo, α bazuwar zafi, β kuma yadda iska ke kumbura in ta ɗumama. Idan Ra ba ta kai biliyan 1 ba, tafiyar sumul ce. Idan ta zarce, an shiga hargitsi.

Ɗauki ƙofa mai digiri 60, iskar wurin kuma 30. Ana duba halayen iska a tsaka-tsakinsu, digiri 45, wato kelbin 318, don haka β = 1/318. A wannan zafi ν kusan 1.75 × 10⁻⁵ ce, α kuma kusan 2.4 × 10⁻⁵ m²/s. Lissafin yana ba da kusan biliyan 2.2 ga tsayin mita 1. Rabin mita zai ba da miliyan 275 kacal, mita 2 kuwa fiye da biliyan 17. Tsayi ne ke da ta cewa: ninka shi biyu, Ra ta ninku takwas.

Ke nan ƙofa ɗaya tana ɗauke da hali biyu, rikicewar tana farawa wajen santimita 77 daga ƙasa. A ɓangaren sumul, fitar zafi tana raguwa yayin da ake hawa, domin iskar tana ƙara kauri tana lulluɓe ƙarfen. A ɓangaren hargitsi, cuɗanya tana ta kawo iska mai sanyi, fitar zafin kuma kusan ba ta canjawa da tsayi.

Ni dai ban yarda a ɗauki biliyan 1 kamar layin da aka ja da alli ba. Sauyin a hankali yake zuwa, 'yar iskar taga ma tana iya gaggauta shi. Kuskuren da ke ɓata lissafi shi ne sa faɗin ƙofa a madadin tsayinta, ko raba 1 da 45 maimakon 318, wanda ke kumbura amsar har sau bakwai.